Kasuwa ba ta ƙarewa a Disamba: abin da ranar rufe lissafi ke ɓoye wa 'yan kasuwar Gamkalley

A ranar 31 ga watan Disamba na kowace shekara, doka ta wajabta wa duk kamfanin da ke da rajista a Jamhuriyar Nijar ya rufe littafin lissafinsa, ya fitar da ribarsa ko asararsa. Wannan doka ta hau kan manyan masana'antun da ke maƙwabtaka da unguwar Gamkalley a birnin Yamai, kamar yadda ta hau kan ƙaramin kamfanin da matasa biyu suka haɗa jari suka buɗe.

Sai dai a Gamkalley, ƙarshen Disamba tsakiyar aiki ne. Lambunan bakin kogi suna cike da salak da kabeji, an gama kashe kuɗin iri da taki amma ciniki bai kankama ba. Mangazun masu ajiyar hatsi suna cike da buhunan da aka saya da kaka, ana jiran farashi ya tashi. Makarantu masu zaman kansu sun karɓi kuɗin ɗalibai tun Oktoba, alhali saura wata shida na koyarwa a gabansu. Duk wanda ya leƙa asusun waɗannan mutane a ranar, abin da zai gani rabin labari ne kawai.

Rashin fahimtar wannan bambanci yana haddasa rigima tsakanin 'yan uwa, musamman inda wani yana ƙasar waje yana turo jari, wani kuma yana gida yana juyawa. Yana kuma sa wasu su cinye uwar kuɗi suna zaton riba suke ci. Maganin abin bai buƙatar a sauya doka. Abin da yake buƙata shi ne mai sana'a ya gane cewa shekara biyu yake rayuwa a ciki, ta hukuma da ta sana'arsa, kuma ya iya lissafin kowacce.

Mece ce shekarar kuɗi?

Shekarar kalanda kowa ya san ta: daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba. Shekarar kuɗi kuwa wata goma sha biyu ce a jere da wata hukuma ko kamfani ya ware domin auna abin da ya shigo da abin da ya fita. Tana iya dacewa da ta kalanda, tana kuma iya farawa a kowane wata.

Gwamnatin Amurka tana fara tata a ranar 1 ga Oktoba, ta rufe a 30 ga Satumba. Bankin Duniya yana farawa 1 ga Yuli, haka ma gwamnatocin Masar da Kenya. Asusun ba da lamuni na duniya, IMF, yana farawa 1 ga Mayu. Indiya da Afirka ta Kudu suna farawa 1 ga Afrilu.

Dalilan wannan bambanci ba su da yawa. Na farko shi ne yanayin sana'a: an fi son rufe lissafi a lokacin da aiki ya lafa, kaya sun ƙare a mangaza, masu bashi sun biya, domin a lokacin ne ƙidaya ta fi sauƙi kuma sakamako ya fi kusa da gaskiya. Na biyu shi ne lokacin da majalisa ke buƙata kafin ta amince da kasafi. Amurka a da tana farawa ne a Yuli, sai wata doka ta 1974 ta mayar da ita Oktoba tun daga 1976, domin 'yan majalisa su sami ƙarin wata uku na mahawara. Na uku kuwa gado ne kawai. A Birtaniya shekarar harajin ɗaiɗaikun mutane tana farawa 6 ga Afrilu, saboda a dā sabuwar shekara a Ingila tana kamawa 25 ga Maris, sai aka tsallake kwana 11 a lokacin gyaran kalanda na 1752, baitulmali kuma ya matsar da ranar gaba don kada ya yi asarar harajin waɗannan kwanaki.

Nijar ma ba da Janairu ta taso ba

Matasa da yawa ba su san cewa kasafin gwamnatin Nijar, a shekarun da suka biyo bayan samun 'yancin kai a 1960, yana farawa ne a ranar 1 ga Oktoba ya ƙare a 30 ga Satumba. Wannan tsari ya dace da ƙasar da gyaɗa ce babbar hajar da take fitarwa, kuma talaka ba ya iya biyan haraji sai bayan ya cire amfanin gona. Kaka ce ke kawo kuɗi, shekarar kuɗi kuma tana buɗewa tare da ita.

Daga baya ƙasar ta koma bin shekarar kalanda, kuma a yau ƙa'idoji biyu ne suka ɗaure ta a kai. Ta fuskar gwamnati, akwai ƙa'idojin kasafi na bai-ɗaya da ƙungiyar UEMOA ta ƙasashe takwas masu amfani da sefa ta amince da su a 2009, waɗanda Nijar ta shigar cikin dokarta ta kasafi a 2012. Ta fuskar kamfanoni kuma, akwai ƙungiyar OHADA, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyar kafa ta a 1993, mai haɗa ƙasashe 17 ƙarƙashin dokar kasuwanci guda. Dokar lissafi ta OHADA ta ce shekarar lissafin kamfani ita ce shekarar kalanda. Ta ba da wata huɗu bayan rufewa, wato zuwa ƙarshen Afrilu, domin kammala takardun sakamako.

A nan ne Yamai ta bambanta da Kano. Najeriya ta gaji shekarar Afrilu zuwa Maris daga Turawan Ingila, ta sauya zuwa Janairu a zamanin mulkin Shehu Shagari, inda kasafin 1980 ya zama na wata tara kacal, daga Afrilu zuwa Disamba. Amma dokar Najeriya ta bar wa kamfanoni zaɓin ranar rufe nasu lissafin. Shi ya sa kamfanin fulawa na Flour Mills ya daɗe yana rufewa a 31 ga Maris. Bankuna ne aka ware: a 2009 Babban Bankin Najeriya ya umarce su duka su riƙa rufewa a 31 ga Disamba. Dalilin umarnin abin lura ne. Lokacin da kowane banki ke da tasa ranar, banki kan iya aro kuɗi daga wani bankin gab da rufe littafi domin ya bayyana da ƙarfi, ya mayar bayan an gama. Rana guda ta toshe wannan ƙofa.

Buhu 400 na gero da lissafi iri biyu

Ga misali da alƙaluman kwatance, domin a ga yadda abin ke aiki. A ɗauka wa da ƙane sun buɗe ƙaramin kamfanin ajiyar hatsi a Gamkalley ranar 1 ga Oktoba. Wan yana aiki a Abidjan, shi ya turo jari. Ƙanen yana Yamai, shi ke kula da kaya.

A watan Nuwamba ƙanen ya sayi buhu 400 na gero a kan sefa 22,000 kowane buhu, jimla 8,800,000. Kuɗin mota da na 'yan dako ya kama 1,000 a kan buhu, wato 400,000. Kayan sun tsaya masa a kan 9,200,000 ke nan, ko 23,000 kowane buhu. Hayar mangaza 50,000 ce a wata, albashin mai gadi 40,000, jimla 90,000 a wata.

Ranar 31 ga Disamba ta zo, ba a sayar da ko tiya ɗaya ba. Idan wan ya duba shigar kuɗi da fitarsu kaɗai, zai ga 9,470,000 sun fita, wato kuɗin kaya da 270,000 na haya da gadi na wata uku, kuma ko dala ba ta shigo ba. Mai saurin fushi zai ce an hallaka masa dukiya. A lissafi na gaskiya kuwa, geron da ke mangaza dukiya ce da ta sauya kama daga takarda zuwa buhu. Asarar wannan zango 270,000 ce kawai, kuma asara ce da aka san za a yi tun kafin a fara.

Shekara ta biyu ta fi rikitarwa. A watannin Yuni da Yuli, lokacin da rumbunan manoma suka yi ƙasa, ƙanen ya sayar da buhu 390 a kan 30,000 kowanne, domin buhu 10 sun lalace da ƙwari da danshi. Cinikin ya kama 11,700,000. Da kaka ta zagayo, ya sake sayen buhu 500 da suka tsaya masa a kan 21,000 kowanne har da kuɗin mota, wato 10,500,000. Haya da gadi na wata goma sha biyu sun cinye 1,080,000.

Idan aka sake duba aljihu kaɗai a 31 ga Disamba, an karɓi 11,700,000, an kashe 11,580,000, saura 120,000. Wan da ke Abidjan zai ce shekara guda cur ta wahala ba ta haifar da komai ba sai 120,000, daga nan zargi ya fara. Alhali ribar gaskiya ita ce ciniki, a cire kuɗin kayan da aka sayar, a cire ɗawainiya: 11,700,000 a cire 9,200,000 a cire 1,080,000, saura 1,420,000. Ragowar ribar ba ta ɓata ba, tana kwance cikin sabbin buhunan da suka fi na bara yawa.

Ƙa'idar da akantoci ke bi a nan mai sauƙi ce. Kuɗin kayan da aka sayar shi ne darajar kayan da aka buɗe shekara da su, a haɗa da abin da aka saya cikin shekara, a cire darajar kayan da suka rage ranar rufewa. A wannan misali, 9,200,000 a haɗa da 10,500,000 a cire 10,500,000, ya dawo 9,200,000.

Haɗarin yana iya zuwa ta ɗaya gefen, kuma can ya fi muni. A ce a kakar ta biyu gero ya yi tsada, ƙanen ya fasa saye. A 31 ga Disamba aljihu zai nuna 10,620,000 sun ƙaru a shekarar. Wanda bai san lissafi ba zai ɗauka riba ce, a sayi babur, a yi biki, a aika wa dangi. Amma 9,200,000 daga ciki uwar kuɗi ce da ta dawo gida. Duk abin da aka ci sama da 1,420,000, jari aka ci.

Da a ce doka ta bar waɗannan 'yan uwa su rufe lissafi a 30 ga Satumba, da babu wannan ruɗani. A ranar mangaza wayam take, kuɗi suna hannu. An sayi kaya na 9,200,000, an sayar a 11,700,000, an kashe 1,080,000 daga Oktoba zuwa Satumba, riba 1,420,000. Babu buhun da za a ƙirga, babu farashin da za a yi gardama a kai. Wannan shi ne ainihin abin da ke sa kamfanoni, a ƙasashen da aka ba su zaɓi, suke neman watan da kasuwarsu ke hutawa.

Inda kuskure ke shiga

Tunda a Nijar babu zaɓin, nauyin duka ya koma kan ƙidayar ranar 31 ga Disamba. Kowane kuskure a wannan ƙidaya yana shiga riba kai tsaye. Idan an rubuta buhu 520 alhali 500 ne, ribar shekarar ta kumbura da 420,000 na ƙarya, kuma a kanta za a lissafa haraji. Idan an rage, ribar bana ta ragu, ta baɗi kuma ta kumbura da daidai wannan adadi, domin kayan rufewar bana su ne kayan buɗewar baɗi.

Kuskure na biyu shi ne sa wa kayan farashin kasuwa. A ƙarshen Disamba mai yiwuwa buhu ya kai 24,000 a kasuwa, amma a littafi yana nan a 21,000 da ya tsaya. Ba a rubuta ribar abin da ba a sayar ba. In kuwa farashi ya faɗi ƙasa da yadda aka saya, ko kayan sun lalace, wajibi ne a rubuta raguwar nan take. Dokar lissafi tana jinkirta farin ciki, tana gaggauta baƙin labari, kuma da gangan aka tsara ta haka.

Na uku shi ne haɗa kuɗin da ba na shekarar ba. Makarantar da ta karɓi 90,000 a Oktoba a matsayin kuɗin ɗalibi na wata tara, 30,000 kaɗai ta ci kafin ƙarshen Disamba. Sauran 60,000 tamkar amana ce, domin da su za a biya malamai daga Janairu zuwa Yuni. Haka mai lambun da ya biya hayar fili ta shekara a Nuwamba, wata biyu kawai ya mora a shekarar da ke ƙarewa.

Alamar gane cewa lissafi ya karkace ba ta da wuya. Idan riba tana tsalle daga shekara zuwa shekara alhali yawan kayan da ake sayarwa da farashinsu ba su sauya sosai ba, to a koma a duba ƙidayar Disamba. Idan kuma takardun sakamako ba su nuna darajar kayan buɗewa da na rufewa ba, to abin da ke hannu jerin shiga da fita ne kawai, bai kai a raba riba a kansa ba.

Dokar OHADA ta yi sassauci biyu da ya kamata matasa su sani. Kamfanin da ya buɗe a rabin shekara na biyu, daga Yuli zuwa Disamba, yana iya tsawaita shekarar lissafinsa ta farko ta wuce wata goma sha biyu. 'Yan uwan nan suna iya haɗa wata 15, daga Oktoba zuwa Disambar shekara mai zuwa, su fitar da riba 1,150,000, wato 1,420,000 a cire 270,000. Wannan sassauci na dokar lissafi ne, saboda haka sai a daidaita shi da ofishin haraji tun da wuri. Sassauci na biyu shi ne tsarin lissafi mai sauƙi da aka tanada wa ƙananan 'yan kasuwa: masu saye da sayarwa da cinikinsu bai kai miliyan 60 a shekara ba, masu sana'ar hannu ƙasa da miliyan 40, masu ayyukan hidima ƙasa da miliyan 30. Amma ko a wannan tsari, ana buƙatar jerin kayan da suka rage da basussuka a ƙarshen shekara.

Sana'ar da ke bin wata

Akwai wata shekarar kuma da ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Majemar Gamkalley da masu cinikin raguna da fatu, babbar kasuwarsu tana zuwa ne da Sallar Layya, ita kuwa tana bin kalandar Musulunci mai kwana 354, tana matsowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara. A 2006 Babbar Sallah ta faɗo sau biyu cikin shekarar kalanda guda, a Janairu da kuma ƙarshen Disamba. Mai sayar da raguna da ya kwatanta cinikin 2006 da na 2007 zai ɗauka kasuwarsa ta rushe da rabi, alhali kalanda ce ta tara masa kasuwa biyu a littafi ɗaya. Irin haka na tafe ga masu dabino da sukari da ƙanƙara, domin bisa lissafi azumin Ramadan zai kama sau biyu a 2030, a Janairu da kuma Disamba.

Zakka ma da shekarar wata ake lissafa ta. Ɗan kasuwar da ya ɗora ranar fitar da zakkarsa a kan 31 ga Disamba don sauƙi, yana ƙara kwana 11 a kan kowace shekara, cikin shekara 33 kuma ya tsallake zakkar shekara guda. Shi ya sa hukumomin da ke lissafa zakkar kamfanoni da shekarar rana suke ɗaga kason daga kashi 2.5 cikin ɗari zuwa kusan 2.58.

Shin Nijar ta koma Oktoba?

Masu ganin ya kamata ƙasar ta sake duba shekarar kasafinta suna da hujja mai ƙarfi. Lokacin aikin hanya da gini a Sahel shi ne rani, daga Nuwamba zuwa Mayu. Kasafin da ke buɗewa a Janairu yana yanka wannan lokaci gida biyu. Kafin a saki kuɗi, a tallata kwangila, a tantance masu nema, a sa hannu, Afrilu ko Mayu ta yi, damina kuma ta kunno kai. Unguwa irin Gamkalley da ke bakin kogi tana buƙatar a gyara magudanan ruwa da shingen ambaliya kafin Yuli. Aikin da aka fara a Yuni ruwa ne ke gadonsa.

Duk da haka, komawa Oktoba zai fi jawo asara a kan amfani. Kuɗin shigar gwamnati a yau sun dogara ne kan kwastan, harajin kamfanoni, yuraniyom da man fetur, waɗanda ba su jira kaka ba. Ƙasar tana cin bashi a kasuwar kuɗi ta yankin sefa, inda masu ba da rance ke kwatanta alƙalumanta da na maƙwabta a kan shekara iri ɗaya. Sauyi kuma yana da tsada: dole a yi zangon riƙon ƙwarya, kamar wata tara na Najeriya a 1980 ko wata uku na Amurka a 1976, kuma alƙaluman wannan zango ba sa kwatantuwa da na gaba ko na baya.

Bugu da ƙari, matsalar rani tana da magani a cikin dokar da ke akwai. Tsarin kasafi na UEMOA ya raba izinin ƙulla kwangila da izinin biyan kuɗi, ta yadda hukuma za ta iya ƙulla aikin da zai ratsa shekara biyu ko uku, ta riƙa biya shekara-shekara. Idan aka shirya takardun kwangila tun Satumba, babu abin da zai hana aiki ya tashi da farkon rani. Najeriya ma ta nuna cewa sunan wata ba shi ne matsalar ba. Shekararta ta kasafi tana farawa Janairu a takarda, amma an sha kaiwa Mayu ko Yuni kafin a sa hannu, har sai da aka sa wa kasafin 2020 hannu a Disambar 2019 domin dawo da tsari. Jinkirin ofis ne ke cinye rani.

Ga kamfanoni ma, rana guda tana da amfanin da ba a cika faɗa ba. Bashin da wani kamfani ya rubuta yana bi, dole ya bayyana a littafin wanda ake bin a rana ɗaya, abin da ke sauƙaƙa wa banki da jami'in haraji gano ƙarya. Farashin wannan tsari shi ne cunkoso: kowa yana neman akanta a watannin Maris da Afrilu, wanda ya makara kuma ya sami aikin gaggawa.

Abin da ya rage ga mai sana'a da mai turo jari

Mai sana'ar da ke bin yanayi ya kamata ya riƙe lissafi biyu daga littafi guda. Na hukuma yana rufewa a 31 ga Disamba, bayan ƙidayar kaya ta ido da ido, a rubuce, da sa hannun mutum biyu. Na cikin gida kuma yana rufewa a lokacin da sana'ar ta kammala zagayenta: ƙarshen Satumba ga mai ajiyar hatsi, bayan an tashi lambu ga mai noman rani, ƙarshen Yuni ko Yuli ga makaranta, bayan an sayar da fatun layya ga majemi. Babu dokar da ta hana wannan, muddin alƙaluman daga tushe ɗaya suka fito. A kan na biyun ne ya dace a raba riba, a kuma yanke shawarar ƙara jari ko ragewa.

Wanda ke ƙasar waje kuma, tambayar nawa ne a asusu ba ta wadatar ba. Tambayoyi uku ne ke fito da gaskiya: buhu nawa ne a mangaza kuma a nawa suka tsaya, nawa ake bin mutane, nawa mutane ke bi. Ya kamata tun ranar haɗa jari a rubuta watan da za a riƙa yin hisabi, domin yawancin rigingimun irin wannan haɗaka suna tasowa ne daga hisabin da aka nema a lokacin da bai dace ba.

Haka nan duk mai hulɗa da hukumomin waje ya riƙa tambayar ranar da shekararsu ke ƙarewa. Takardar Amurka da aka rubuta wa FY2025 tana nufin 1 ga Oktoban 2024 zuwa 30 ga Satumban 2025. Waɗanda suka ci cacar bizar Amurka ta DV-2024, damarsu ta ƙare ne a 30 ga Satumban 2024, ko da kalandar bangon ɗakinsu na nuna saura wata uku. Ƙungiyar matasa da ke aiki da kuɗin wani shiri na Bankin Duniya za ta ga ana yawan tuntuɓar ta a Mayu da Yuni, ita kuma nata littafin sai Disamba, kamar yadda tsarin lissafin ƙungiyoyi masu zaman kansu da OHADA ta amince da shi a Yamai a Disambar 2022 ya tanada.

Ga 'yan uwan da ke da buhu 500 a mangaza kuwa, ranar 31 ga Disamba ranar ƙirga buhu ce da cika wa hukuma takarda. Ranar sanin ko an ci riba sai damina ta yi nisa, mangaza ta zama wayam, an biya mai gadi da mai haya, an ware uwar kuɗi gefe.